Miliyan 60 a Littafi, Miliyan 15 a Asusu: Yadda Ake Auna Cinikin da Bai Faɗa Ba

Tambaya: "Malam, ina sayar da kayan sola a kasuwar Sabon Gari a Kano, kuma ina da yara masu haɗawa. Wata uku da suka wuce na tara duk cinikin da ake magana a kai, na makarantu da asibitoci da gidajen mai, ya kai naira miliyan 60. Da wannan na ciwo bashin batura da inbata na miliyan 35. Abin da ya shigo bai wuce miliyan 15 ba, ga mai kaya yana kira. Ta yaya zan san cinikin da zai faɗa tun kafin in ɗauko kaya?"

Alhaji, Allah Ya kawo mafita. Tarawarka daidai take, ba a nan matsalar take ba. Abin da ya faru shi ne ka zuba mutane iri biyar a buhu ɗaya. Wanda ya kira ya tambayi kuɗin inbata, da wanda ya riga ya ajiye kafin alƙalami, duk ka rubuta su da cikakken kuɗinsu kamar nauyinsu ɗaya. Maganin wannan shi ne layin ciniki mai matakai: kowane mai saye yana da matakin da ya tsaya, kowane mataki kuma yana da nasa nauyin.

A sana'a irin taka matakai biyar sun isa. Na farko, mutum ya yi tambaya, ya faɗi wurin da yake son a sa wa sola. Na biyu, ya bari yaranka sun je sun duba wurin, sun ƙirga fankoki da firji da kwan fitila, sun ga rufin da za a ɗora farantan. Na uku, ka miƙa masa takardar farashi ya karɓa. Na huɗu, mai ikon fitar da kuɗi ya zauna da kai ya taya. Na biyar, ya biya kafin alƙalami. Daga nan sai ɗaya cikin biyu: ciniki ya faɗa, ko ya mutu.

Ka lura da abu ɗaya a wannan jerin, domin shi ne ƙashin bayan tsarin. Abin da mai saye ya aikata ne yake ɗaga shi zuwa mataki na gaba, ba abin da kake ji a ranka game da shi ba. "Insha Allahu da kai za mu yi" ba mataki ba ne. Mutanenmu suna da kara, da wuya mutum ya dubi idonka ya ce ya fasa, sai dai ya ce zai neme ka. Haka nan idan magatakardan makaranta ne yake yaba farashinka amma mai makarantar bai taɓa ganin takardar ba, cinikin yana mataki na uku, ko da kun sha shayi tare sau goma. Taya daga bakin mai kuɗin ita ce shaidar mataki na huɗu, domin mutum ba ya taya abin da ba ya niyyar saye.

Yanzu nauyin. Ba ƙirƙirarsa ake yi ba, daga tsohon littafinka da saƙonnin wayarka za ka ciro shi. Koma baya wata shida ko shekara, ka ɗauki cinikin da suka riga suka ƙare, waɗanda suka faɗa da waɗanda suka mutu, ka duba inda kowanne ya kai kafin ya tsaya. Mu ɗauka, don misali, ka samu mutum 100 sun yi tambaya. Cikinsu 50 sun bari an duba wurinsu, 30 sun karɓi takardar farashi, 15 sun taya, 10 sun ba da kafin alƙalami, 9 kuma sun cika kuɗi an haɗa musu. Sai ka raba wannan 9 ɗin da adadin waɗanda suka taɓa kaiwa kowane mataki. Mai tambaya kawai, 9 cikin 100 ne, wato kashi 9. Wanda aka duba wurinsa, 9 cikin 50, kashi 18. Mai takardar farashi, 9 cikin 30, kashi 30. Wanda ya taya, 9 cikin 15, kashi 60. Mai kafin alƙalami, 9 cikin 10, kashi 90. Ka ga ko kafin alƙalami bai kai ɗari bisa ɗari ba, domin akwai wanda zai dawo ya ce a mayar masa da kuɗinsa.

To mu ɗora wannan a kan miliyan 60. A ce miliyan 20 na masu tambaya ne kawai. Kashi 9 ɗinsa miliyan 1.8 ke nan. Miliyan 15 na waɗanda aka duba wurinsu, kashi 18 ya ba da miliyan 2.7. Miliyan 14 na masu takardar farashi, kashi 30 ya ba da miliyan 4.2. Miliyan 7 na waɗanda suka taya, kashi 60, shi ma miliyan 4.2. Miliyan 4 na masu kafin alƙalami, kashi 90, miliyan 3.6. Idan ka haɗa, miliyan 16 da rabi. Wannan shi ne hasashen da ya kamata ya kasance a gabanka ranar da ka je ɗaukar kaya, kuma ka ga bai yi nisa da abin da ya shigo maka ba. Masu sayenka ba su ci amanarka ba, sun yi abin da suka saba yi ne. Fiye da rabin kuɗin da ka ƙirga yana hannun mutanen da ko farashi ba su gani ba.

Littafin rubutu da biro sun isa wannan aiki. Idan kana amfani da Excel ko Google Sheets, ka sa jimlar kuɗin kowane mataki a B2 zuwa B6, nauyinsa a C2 zuwa C6 tare da alamar kashi, kamar 9%, sai ka rubuta:

```
=SUMPRODUCT(B2:B6,C2:C6)
```

Manhajojin kula da masu saye suna zuwa da nasu nauyin tun daga kamfani. HubSpot, alal misali, tana farawa da kashi 20, 40, 60, 80 da 90. Waɗannan lambobi ne da aka ajiye don mai amfani ya sauya su, ba daga kasuwar Kano aka ciro su ba. Wanda ya bar su yadda suke zai samu hasashe mai daɗin kallo wanda ba nasa ba.

Dalilin da ya sa lissafin yake aiki shi ne yawa. Ba ka san wane ne cikin masu takardar farashi 10 zai saya ba, amma tarihinka ya nuna kusan 3 za su saya. Kuma daga nan ne iyakar tsarin take fitowa, wadda nake so ka riƙe da kyau saboda ita ce ke kayar da 'yan kasuwa masu matsakaicin jari. A ce cikin miliyan 14 ɗin nan na mataki na uku, miliyan 10 na asibiti ɗaya ne. Lissafi ya ba shi miliyan 3, amma asibitin ba zai taɓa biyanka miliyan 3 ba. Ko dai 10, ko babu. Saboda haka ainihin abin da ke gabanka miliyan 13 da rabi ne idan sun fasa, ko miliyan 23 da rabi idan sun saya. Duk cinikin da shi kaɗai ya haura kashi ɗaya cikin goma na jimlar layinka, ka fitar da shi gefe ka rubuta hasashe biyu, da shi da kuma ba shi. Kada ka sayi baturansa sai ya biya kafin alƙalami. Bashin da za ka ɗauka kuwa, ka auna shi da ƙaramar lambar.

Abu na biyu da ke ɓata hasashe shi ne gawar ciniki da aka ƙi binnewa. Na sha buɗe littafin ɗan kasuwa in tarar da takardar farashin da aka miƙa wata biyar baya tana nan ana ba ta kashi 30, alhali mai ita ya daina ɗaga waya. Ka duba mutum 9 ɗin da suka saya, kwana nawa kowannensu ya yi tsakanin karɓar takarda da tayawa. Idan yawancinsu mako biyu ne, duk wanda ya haura wata guda shiru, ka sauke shi zuwa mataki na farko ko ka soke shi. A kayan sola ma akwai ƙarin dalili: farashin batura da inbata yana bin canjin dala, don haka tsohuwar takarda ba ta nuna kuɗin yau. Ka riƙa rubuta wa kowace takarda ranar da farashinta zai daina aiki, kwana 7 ko 14. Wannan yana kare ribarka, yana kuma tilasta mai saye ya nuna matsayinsa.

Sannan ka tuna hasashen ciniki daban, shigowar kuɗi daban. Nauyi yana gaya maka ko ciniki zai faɗa, ba ya gaya maka yaushe. Don haka kowane suna a littafin yana buƙatar ranar da kake sa ran biya, kuma hasashen wata uku ya ƙunshi waɗanda ranarsu ta faɗo cikin wata ukun kaɗai. Makarantar kuɗi takan samu sukuni ne a farkon zango lokacin da iyaye suka biya kuɗin makaranta. Ma'aikatar gwamnati tana iya ba ka aiki a rubuce, kuɗin ya daɗe bai fito ba. Idan kana hulɗa da su sosai, ka ware musu nasu shafin da nasu nauyin, kada ka cakuɗa su da mai gidan mai da ke biya da hannunsa. Lokaci ma yana taɓa nauyin: wanda ka ciro daga watannin zafi, Maris zuwa Mayu, lokacin da kowa ke neman fanka da ruwan sanyi, zai yi wa watannin hunturu yawa.

Yadda za ka gane ko nauyinka na gaskiya ne abu ne mai sauƙi. Ranar farko ta kowane wata ka rubuta hasashenka a shafin da ba za ka goge ba, ƙarshen wata ka rubuta abin da ya faɗa kusa da shi. Saɓanin wata ɗaya ba komai ba ne. Amma idan wata uku a jere hasashe yana sama da gaskiya, to ko dai nauyin ya yi yawa, ko yaranka suna ɗaga mutane zuwa matakin da ba su kai ba don su faranta maka. Ka zauna da su kowace Asabar, ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: me mutumin nan ya yi a makon nan?

Game da mai kayan da ke kiranka, ka tsara layinka na yau a daren nan, ka fitar da abin da ke mataki na huɗu da na biyar tare da ranakun biyansu. Da wannan takardar za ka je wurinsa ku raba biyan kashi-kashi, ka kuma tambaye shi ko zai karɓi wani ɓangare na baturan da ba a buɗe kwalinsu ba, domin batir yana raguwa ko a ajiye yake.