Karatun awa ɗaya ya ci gigabait guda

Tambaya: Malam, na ɗauki karatu na awa ɗaya da rikoda, sai fayil ɗin ya haura gigabait ɗaya. A allon an rubuta 48000 Hz, 24-bit, Stereo. Wane saiti ya dace da magana, wanne kuma da waƙa?

Amsa: Ɗan'uwa, rikodarka lafiya lau take, saitin masu kiɗa ka ba ta. Ga lissafin fayil ɗin WAV, wato sautin da ba a matse ba:

```
48000 × 24 × 2 × 3600 ÷ 8 = 1,036,800,000
```

Wato a kowace daƙiƙa tana auna sauti sau 48,000, kowane awo yana cin bit 24, ga layi biyu, hagu da dama, har daƙiƙa 3,600. An raba da 8 ne don bit takwas ke yin bait ɗaya.

Fara da layi biyun nan. Mutum ɗaya a gaban makirufo ɗaya ba ya buƙatar hagu da dama. Ka zaɓi Mono, rabin nauyin ya tafi, ba ka yi asarar komai ba.

Yawan awo kuwa shi ke yanke iyakar siririn sautin da za a kama, kuma iyakar rabinsa ce. Kunnen ɗan'adam ba ya wuce wajen 20,000 Hz, shi ya sa faifan CD ya tsaya a 44,100. Waƙa tana buƙatar wannan, saboda ƙarar ƙarafuna da kacau-kacau can sama take zaune. Magana tana fita sarai ko a 16,000. Amma kada ka sauka zuwa 8,000 irin na tsohuwar wayar tarho: "sa" da "fa" sai su fara kama da juna, muryar ta dushe kamar daga cikin tulu.

Bit ba ruwansa da siririn sauti. Aikinsa tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙarfi da shuuu ɗin da ke ƙasa. Da desibel ake auna wannan tazarar, kuma kowane bit yana ƙara kamar desibel 6, don haka 16 yana ba da wajen 96, wanda ya ishi mai sauraro. Amfanin 24 yana wajen ɗauka: kana iya rage ƙarfin makirufo don kada sauti ya fashe in mawaƙi ya ɗaga murya, daga baya ka ƙara. Ni waƙa a 24 nake ɗauka, in gama gyara, sannan in fitar a 16.

Karatun naka a 44,100, bit 16, Mono zai koma megabait 318. A 16,000 kuwa, 115. In rabawa za ka yi, mayar da shi MP3 a 64 kbps, wato bit 64,000 a kowace daƙiƙa, awa ɗaya ta zama kamar megabait 29. A nan wannan adadin ne kaɗai ke yanke girman, ko da bit nawa ka ɗauka. Sai dai ka ajiye na asalin, domin abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa.