Amsar Malam kan kuɗin koshan na mai hayar da zai tashi (an rubuto daga murya)

Tambayar Hajiya: Salamu alaikum. Mai hayata na Palladan zai tashi ƙarshen watan nan, shekararsa 3 a gidan. Koshan ɗinsa naira 100,000 yana hannuna. Kicin ya yi baƙi ƙirin, besin ɗin bayi ya tsage, luba 4 sun fashe, silin ɗin falo ya yi tabo, ga bashin wuta. Fenta ya ce 90,000 zai yi mini gidan duka. In riƙe kuɗin gaba ɗaya, ko yaya zan yi masa bayani?

Wa alaikumus salam, Hajiya, barka da yamma. Ki yi haƙuri murya zan yi, rubutun zai yi tsawo.

A'a, kada ki riƙe duka. Kuɗin nan har gobe nasa ne, ajiya ya ba ki. Duk nairar da za ki cire sai kin iya ɗora ɗan yatsa a kan abu ki ce ga abin da ya ɓata, ga abin da gyaransa ya ci. Haka ma malamai suke karantar da mu a babin haya: gida amana ne a hannun mai haya, ba ya biyan abin da ya lalace sai in da sakacinsa ko ya wuce iyaka. To aikinki na farko shi ne ki raba tsufa da ɓarna, don tsufa kuɗin haya ya riga ya biya shi.

Mu fara da fentin nan tunda shi ne babba. Mutum ya zauna shekara 3 da iyali, dole bango ya dushe, dole wajen makunnin wuta ya yi dauɗar hannu, inda aka jingina kujera ya yi sawu. Ko ke ce a ciki haka zai yi. Wannan 90,000 ɗin fentan, yawancinsa gyaran gidanki ne don wanda zai shigo, ba na mai tashi ba. Haka in kin ga fenti yana ɓarewa daga ƙasan bango, kamar kamu ɗaya ko biyu daga daɓe, yana farin gari, danshi ne yake hawowa ta gini. Gidaje da yawa a nan suna da wannan bayan damina, ba hannun mutum ba ne.

Kicin kuma daban. Baƙi ƙirin ba girkin gas ke kawo shi ba, an hura gawayi ko risho mai hayaƙi a ciki ne, kuma wannan sakaci ne. Amma ko a nan ba za ki ɗora masa sabon fenti gaba ɗaya ba. Ki ce wa fentan ya ware miki kuɗin kicin shi kaɗai. Mu ɗauka ya ce 24,000. Ni a gidajen da nake kula da su ina lissafa fentin ciki a kan shekara 4, in ta cika, da ɓarna da babu sai na sake. Shi ya ci 3, saura ɗaya. Abin da ya jawo miki asara ke nan, kashi ɗaya cikin huɗu, wato 6,000. Sai aikin kankare hayaƙin da wanke bango kafin fenti ya kama, domin in aka shafa a kan baƙin nan zai sake ɓullowa. Wannan aikin ba don shi ba da ba a yi ba, saboda haka nasa ne duka, a ce 5,000. Kicin ya tashi 11,000. Wannan fa in da sabon fenti kika ba shi gidan. In tsohon fenti ya tarar, to 6,000 ɗin nan ma ta faɗi, sai na kankara kawai.

Silin ɗin falo, ki sa yaro ya hau ya duba kwano. Tabo mai launin shayi, zagaye-zagaye kamar taswira, yoyo ne. Ƙusa ta saki ko kwano ya huje, ruwan Agusta ya samu hanya. Mai haya ba ya hawa rufi. Ba za a cire masa ko kwabo ba, kuma ki rubuta hakan ƙarara a takardar lissafin da za ki ba shi, zan gaya miki dalili.

Besin, ki duba tsagar da kyau. In akwai wuri guda da ya ɗan fashe, tsagar ta watsu daga nan, abu mai nauyi ne ya faɗa, ko wani ya hau kai. Nasa ne. In kuwa ƙarfen da ke riƙe da shi a bango ne ya yi tsatsa ya saki har besin ya rinjaya ya tsage ta baya, to naki ne. Fulamba zai gane cikin minti biyu. Mu ce nasa ne. Ki sayi irin wanda yake wurin, ba wanda ya fi shi ba. Ki je Sabon Gari a tambayo shago biyu ko uku, a karɓo rasit. In ya kama 22,000, fulamba ya karɓi 6,000, ya zama 28,000. In ranki ya so mai tsada, ki cika daga aljihunki. Besin ba kamar fenti ba ne, yana iya shekaru da yawa bai yi komai ba, shi ya sa ban rage masa ba, sai dai in dama tsoho ne mai tabo, a nan sai ki sassauta.

Luba babu dogon zance, gilashi ba ya fashewa don tsufa. A ce 1,500 kowane, 6,000 ke nan, mai sawa 2,000, ya zama 8,000. Abin tambaya ɗaya, lafiyarsu ƙalau ranar da ya shiga? In kina da hoto ko takardar shiga, shi ke nan. In babu, ya kuma rantse biyu a fashe ya same su, ni dai shawarata ku raba, 3,000 ba ta kai a tara mutane ba.

Sai shara. A nan masu gida suke yawan wuce gona da iri. Ƙurar hunturu da yanar gizo-gizo ba a cajin mutum a kansu. Abin da ake caja shi ne tarkacen da ya bari sai an kira mai kura ya kwashe, da bayin da ya kafe sai an sa mai wanki da sinadari. Ki gaya masa tun yanzu, kafin ya tashi, cewa in ya share ya wanke ba za a cire komai ba. Da yawa za su gwammace su sa yaransu su yi. In bai yi ba, abin da kika biya kawai za ki rubuta, a ce 7,000.

Wuta, in mitar kati ce ki duba ko akwai tsohon bashi a kanta, da kuma ko an taɓa waya an kewaye ta. In ta bil ce, ki ɗauki hoton lambar da mita ta nuna ranar da ya ba da makulli, ki haɗa da bil na ƙarshe. Bashin da ya tarar a gidan ba nasa ba ne, daga watan da ya shiga ake lissafi. Mu ce nasa 12,400.

Yanzu a tara: 11,000 da 28,000 da 8,000 da 7,000 da 12,400, ya ba mu 66,400. A cire daga 100,000, saura 33,600 za ki mayar masa. Alƙaluman nan misali ne fa, Hajiya, kin san kasuwa yanzu, na rasit ɗinki za ki sa.

To bayanin. Kada ki yi shi ta waya bayan ya kai kayansa Kwangila ya hau mota. Ku sa rana, bayan an fitar da kaya, don sai ɗaki ya zama wayam ake ganin abin da ke bayan gado da kabad. Da rana tsaka, ba da magariba ana haska tocila ba. Ke ko wakilinki, da shi, da mutum ɗaya a kowane ɓangare, in dillalin da ya haɗa ku yana nan ya fi. Ku bi ɗaki-ɗaki, ana ɗaukar hoto a gabansa, ana rubutawa. Ki fara da abin da ba za ki cire ba. Ki ce, Malam, wannan silin nawa ne, fentin falo da ɗakuna nawa ne, famfon nan da ke ɗiga roba ce ta cinye, nawa ne. Dalilin da na ce ki rubuta su ke nan. Mutumin da ya ji an sauke masa abu uku, in aka zo kan besin ba zai tsaya musu ba. In kika fara da besin kuwa, sai ya ɗauka so ake a cinye kuɗinsa, har luba zai yi gardama a kai.

Takardar shafi ɗaya ta isa. A sama sunansa, adireshin gida, ranar shiga, ranar fita, da 100,000 da ya ajiye. Kowane abu layinsa daban, a faɗi wurin, a faɗi abin da ya same shi, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Kada ki rubuta "gyare-gyare 66,400" dunƙule, wannan shi ke kai mutane gaban mai unguwa, wani lokaci har kotu, kuma a can ma abin da za a fara tambayarki shi ne ina yarjejeniya, ina rasit, wa ya shaida. Na kicin ki rubuta yadda aka yi lissafin, cewa fenti 24,000 ne amma 6,000 aka ɗora masa saboda ya zauna shekara 3. Ku sa hannu ku biyu da shaidu, kowa ya riƙe kwafi, ki tura masa hotunan rasit ta waya.

Ki duba yarjejeniyarku ko an sa wa'adin mayar da kuɗin, in an sa ki bi shi. In ba a sa ba, ni nakan ce mako biyu, ya isa a karɓo rasit. Ki faɗa masa ranar da bakinki, domin mutumin da ya tashi yana da bukatar kuɗin nan, wataƙila ma koshan ɗin sabon gida yake jira ya cika. Ki tura ta banki, ki rubuta koshan a wajen bayani, ya zama akwai shaida. In hannu da hannu ne, ya rubuta ya karɓa.

In ya ce shi zai kawo nasa fulamban ya sa besin, ki bar shi, amma da sharaɗin irin wanda aka cire ne, kuma naki ya duba kafin ki goge layin. In kuma ya ƙi yarda da abu ɗaya, misali ya ce besin a tsage ya same shi, kada ki riƙe duka saboda wannan. Ki tura masa 33,600 ɗinsa da babu gardama a kai, ki riƙe 28,000 a gefe, ku kira dillalin da fulamba su duba tsagar a gabanku. Kada a cire besin ɗin kafin nan, in kuma dole sai an cire, a ajiye shi a sito.

Ki turo mini hoton kicin ɗin da na besin ta gefe, na besin a ɗauko har ƙasansa inda ƙarfen yake.