Mosfet ɗina yana ƙona yatsa, kuma zirin led ɗin bai kai haskensa ba

Tambaya: Salam Injiniya, barka da aiki. Ina da zirin led fari na 12V, mai tsawon mita 5, irin 5050 mai ƙwai 60 a kowace mita. Na haɗa shi da Arduino Uno ta jan allon nan mai IRF520 don in riƙa rage haske da ƙarawa. In na jona shi kai tsaye a adafta haske fes, amma ta Arduino sai ya dushe, kuma ko minti biyu ba a yi mosfet ɗin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Hitsink zan saka ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka sayi hitsink tukuna, don ko ka ɗaura masa ƙarfe ƙato hasken nan ba zai dawo ba. Dushewar da zafin duk abu ɗaya ne ya kawo su, mosfet ɗin ba ya buɗewa gaba ɗaya, wutar da ya kamata ta zama haske a zirin ita ce take tsayawa a jikinsa tana zama zafi.

Bari mu fara da nauyin da ka ɗora masa. Irin zirin naka a rubuce yana cin wajen wat 14.4 a kowace mita, wato 1.2A kenan a 12V, mita 5 kuma ya zama 6A. A zahiri in ka auna yawanci za ka ga bai cika 6A ba saboda siririn tagullan da ke cikin zirin yana cinye wani abu a hanya, amma mu yi lissafi da 6A ɗin, gara a yi da mai nauyi.

To IRF520 ba a yi shi don 5V ba sam. Abin da ke ruɗar mutane shi ne wata lamba a detashit, VGS(th), za su ga an rubuta 2V zuwa 4V sai su ce ai shikenan Arduino na ba da 5V, ya wuce. A'a. Wannan lambar ita ce inda mosfet ɗin yake fara motsi kawai, a wurin ana auna ta da wutar da ba ta wuce 0.25mA ba, kamar ƙofar da aka ɗan sassauta sakatarta iska na shiga, kai kuma buhu kake so ka wuce da shi. Layin da za ka duba shi ne RDS(on), wato turjiyar da ke tsakanin ƙafafunsa D da S in ya buɗe, sannan ka duba a gefensa da wace VGS aka auna, wato wutar da ke tsakanin get, ƙafar G mai buɗe shi, da S. Na IRF520 om 0.27 ne, kuma sai an ba get ɗin 10V. Babu wani alkawari da suka yi maka a 5V, ko layi ɗaya.

Kuma ko da a ce ka ba shi 10V ɗin ma bai dace da aikinka ba. Zafin da mosfet ke fitarwa in yana kunne lissafinsa ɗaya ne:

```
P = I * I * R
P = 6 * 6 * 0.27 = 9.7 W
```

Kusan wat 10 a ɗan abin da bai fi farce biyu ba. Jikin irin wannan mosfet ɗin, TO-220, in ba hitsink yana hawa wajen digiri 62 a kan kowane wat ɗaya, ka ga wat 3 ma kaɗai ya isa ya kai shi ƙarshen abin da zai iya ɗauka, wato digiri 175 a ciki. Jan allon nan wallahi ban san dalilin da ya sa ake ta sayar da shi a matsayin na Arduino ba, yana yin aiki dai in ƙaramin abu ne mai cin ƙasa da 1A, shi ya sa mutane ke ɗauka lafiyarsa ƙalau.

Abin da kake buƙata shi ne mosfet da ake kira lojik lebul, wanda aka gina shi ya buɗe sosai da 5V. Wanda ya fi sauƙin samu shi ne IRLZ44N, kuma don Allah ka karanta rubutun jikinsa da idonka kafin ka biya, domin akwai IRFZ44N, harafi ɗaya ne bambancinsu, L da F, mai shago zai ce maka ai duk ɗaya ne. A inbata ko wani abu mai ba get 10V eh kusan ɗaya ne, a Arduino ba ɗaya ba ne. IRLZ44N an rubuta masa om 0.025 a 5V, to sake lissafin: 36 sau 0.025, wat 0.9. Daga kusan 10 an dawo ƙasa da 1, kuma abin da zai tsaya a jikinsa 0.15V ne kawai, sauran duk ya tafi zirin, haske ya dawo.

Haɗin kuwa ba wuya. Ka riƙe shi rubutun na kallonka ƙafafu ƙasa, daga hagu G, sai D, sai S. Jan wayar zirin ta tafi kai tsaye +12V na adafta, baƙar ta zo D, S ya tafi negetif na adafta. Daga fin 9 na Arduino ka bi ta rizista om 220 zuwa G, sannan wani rizista 10k daga G zuwa S, shi ne ke riƙe mosfet ɗin a kashe lokacin da Arduino ke tashi ko waya ta zare, in babu shi get ɗin na iya tsayawa rabi da rabi, kuma rabi da rabi nan ne wurin ƙonewa. GND na Arduino dole ya haɗu da negetif na adaftan, ka haɗa shi daidai ƙafar S da 'yar wayarsa daban. Hanyar da 6A ke bi kuma kar ta ratsa buredbod ko siraran wayoyin nan na gwaji, ka yi soda da waya mai kauri, 1mm² ko sama.

Yanzu maganar hitsink ɗinka, a nan ne take da wuri. Wat 0.9 sau 62 ya ba da hawan digiri 56. Masu rubuta misalai yawanci suna ɗorawa a kan ɗaki mai digiri 25 su ce 81, ba komai. Mu kuwa a watan Afrilu shago mai rufin kwano ya kai 40 ba labari ba ne, in kuma ka rufe shi a cikin akwatin roba ya fi haka. To 40 da 56, 96 kenan. Kuma bai tsaya nan ba, RDS(on) yana ƙaruwa da zafi, a wajen digiri 100 ya kai kusan ninki ɗaya da rabi, sai wat 0.9 ya zama wajen 1.3, zafin ya sake hawa ya doshi 120. Ba zai mutu nan take ba amma ni ba na barin abu yana aiki haka dare da rana. Ɗan ƙaramin hitsink na alminiyam mai fukafukai, irin wanda ake cirewa a matacciyar fawa ta kwamfuta, zai sauko da shi wajen 60 zuwa 70. Sai dai ka sani ƙarfen bayan mosfet ɗin a haɗe yake da D, don haka hitsink ɗin ma ya zama D, kar ya taɓa wata waya ko jikin akwatin ƙarfe. In ka samu IRLB8721 ma ya fi, nasa bai wuce om 0.016 ba a 4.5V, wat 0.6 kenan a aikinka.

Yatsa yana gaya maka akwai zafi ne kawai, ba ya gaya maka dalili, maltimita ke faɗa. Ka sa haske a ƙarshe:

```
analogWrite(9, 255);
```

sai ka auna DC tsakanin D da S, a kan ƙafafun kansu. Da IRLZ44N na gaske za ka ga 0.1V zuwa 0.2V. In ka ga 1V ko 2V to bai buɗe ba, ka ninka da amfiyan da ke wucewa ka ga zafin da idonka, a ce 2V da 3A, wat 6 ke nan. Daga nan sai ka auna G da S. In ka ga kusan 5V amma D da S na da yawa, to mosfet ɗin ne, ko ba lojik lebul ba ne ko jabu ne, don akwai waɗanda ake goge rubutu a sake bugawa. In kuma G da S ɗin ne bai kai ba, ka nemi matsalar a GND ko a rizistocin, wani kan juya su ya sa 10k a hanya 220 a ƙasa. A 255 za ka yi awon nan fa, in kana ƙasa da haka Arduino kunnawa da kashewa yake yi da sauri, wato PWM, maltimita matsakaici zai nuna maka ya ruɗa ka.

Akwai wani zafin kuma mai siffa daban, a 255 mosfet sanyi ƙalau, a 128 sai ya ɗau zafi. Wannan na kunnawa da kashewa ne. Get yana da caji da sai an cika an zubar a kowane zagaye, ta rizista 220 abin na ɗaukar 'yan mikrosakan, kuma a ɗan lokacin nan mosfet ɗin yana rabi da rabi. A 490Hz da fin 9 ke bayarwa wannan ba abin damuwa ba ne. Amma in ka ɗaga zuwa 20kHz don kyamarar waya ta daina nuna layi-layi, ka ninka asarar sau 40, a nan sai ka sa direban get kamar TC4420 tsakaninsu. Haka in gobe ka koma ESP32 mai 3.3V, IRLZ44N ƙaramin alkawarinsa a 4V yake, a 3.3V wani ya yi wani ya ƙi, direban get ɗin da aka ba 12V shi ke raba gardama.

Shi kansa zirin kar ka manta da shi, wat 70 da wani abu yake zubarwa, ya fi mosfet ɗin nesa ba kusa ba. Kar ka kunna shi a naɗe a kan faifansa fiye da ɗan gwaji, ka manna shi a kan alminiyam in da hali, kuma ka ba shi wuta ta kai biyu in ka ga ƙarshen ya fi farkon duhu. Adaftan ya zama 8A ko 10A, da fiyus a jan waya.

In kuma da niyyar ka ɗora shi kan batirin sola ne to lissafin nan duk ya canja. Batirin da ake ce wa 12V yana kai 14.4V in yana caji, zirin kuma ba shi da komai mai tsare wuta sai 'yan rizistoci, ƙwai uku-uku suna riƙe wajen 9V da ɗori, rarar ce ke faɗawa kan rizistan. Rarar da take ƙasa da 3V sai ta koma kusan 5V, amfiya ya haura sama da ninki ɗaya da rabi, zafin mosfet kuma da yake I sau I ne ya ninka biyu zuwa uku, ƙwayayen ma su fara dushewa da wuri. Ka sa regileta mai riƙe 12V a tsakani, wadda ta ɗauki 8A ko fiye, sannan ka sake auna D da S da rana tsaka lokacin da batirin ya cika.