Amsa: Manaja ya ce kowa ya yaɗa sanarwar kamfani a shafinsa

"Manajanmu yana turo sanarwar kamfani a WhatsApp ya ce kowa ya ɗora a shafinsa, ni kuma wani kayan ban taɓa amfani da shi ba, ya zan yi?"

Ɗan'uwa, ka duba abu ɗaya tukuna, ana rubuta sunan wanda ya ɗora da wanda bai ɗora ba? In ana rubutawa ko ana tada maganar lokacin duba ƙwazon ma'aikata, to tilas ce aka yi mata kwalliya, shafin kuma naka ne ai.

Ni yadda nake yi, in an turo biyar sai in ɗauki ɗaya da na san kansa, in goge rubutun da aka shirya mana in rubuta nawa, don wallahi mutum ashirin su ɗora jimla iri ɗaya rana ɗaya kowa ya gane haɗin baki ne. A layin farko nake cewa a nan nake aiki, kar abokina ya saya yana zaton ni kwastoma ne, a Amurka ma dokar FTC, hukumar da ke kare haƙƙin masu saye, ta wajabta faɗin hakan.

Wanda baka gwada ba kar ka ce yana da kyau, ka ce "kamfaninmu ya fitar da kaza" ka tsaya nan. Manajan kuma ka same shi shi kaɗai, ka ce zaka riƙa ɗora wanda ya shafi sashenka.