Me zan rubuta a ƙarƙashin hotunan biki da suna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata biyu ina ɗaukar hoto a gidajen biki da suna a Zariya. Na zaɓi hotuna 30 da zan haɗa don nuna wa masu neman aikina, amma na rasa abin rubutawa a ƙasansu. Duk inda na fara sai in tsinci kaina ina rubuta "Masha Allah, amarya ta sha kyau". Yaya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kyan amarya aikin hoton ne, ya riga ya nuna shi. Rubutun da ke ƙasa aikinsa shi ne ya faɗi abin da ido ba zai iya ganowa ba: wane mataki na bikin ne wannan, wace ce wannan a wurin amarya, kuma me ake yi a daidai lokacin da kika danna. Idan kika toshe hoton da tafin hannu kika karanta rubutun, kika ga zai dace da kowace amarya a Arewa, to bai yi aiki ba tukuna.

Ki fara da sunan matakin, kuma ki kira shi daidai. Uwar amarya da ke duba aikinki ta san bambancin kamu da sa lalle, ta san kai amarya daban, buɗar kai daban, sayen baki daban. Da ta ga kin rubuta "biki" a ƙarƙashin komai, za ta ɗauka ba ki san lokacin da ya kamata ki tsaya kusa ba. Da ta ga "Kamu: dangin ango sun biya ƙawaye, gwaggonsa tana fesa wa amarya turare", ta san kin fahimci tsarin ranar, kuma a bikin 'yarta ba za ki tafi canza batir ana tsaka da kamu ba. Wannan shi ne abin da take saye. Idan kuma al'adar ba ta Hausa ba ce, kamar wushe-wushe na Barebari, ki bar ta da sunanta, ki ƙara 'yar jimla da ke bayyana ta.

Bari mu gwada da hoto guda. A ce safiyar suna ce, rana ta bakwai. Wata dattijuwa na zaune a kan tabarma riƙe da jaririya, wanzami ya durƙusa da aska a hannu, ga ƙwaryar ruwa a gefe. Rubutun farko da zai zo miki shi ne "Allah Ya raya". Addu'a ce mai kyau, ba kuma zan ce ki cire ta ba, amma ba ta gaya wa mai kallo komai ba. Na biyu: "Askin suna, Zariya, 2024". Ya fi, don ga mataki, ga gari, ga shekara. Na uku shi ne wanda zan sa:

"Askin suna, Zariya, 2024. Kakar jaririya ta wajen uba ce ke riƙe da takwararta, bayan an dawo daga raɗin suna. Allah Ya raya."

Kalmar "takwararta" ita ta canza hoton. Yanzu mai kallo ya san dalilin irin kallon da dattijuwar ke yi wa jaririyar: sunanta aka sa mata. Ba za ki samu wannan kalmar a kwamfuta bayan wata uku ba, a wurin ake samunta. Shi ya sa kafin in bar gidan biki nakan ja babbar ƙawa, ko wata yayar mai jego, mu zauna minti goma ina nuna mata hotuna a bayan kyamara tana gaya mini wace ce wace, ina rubutawa da lambar hoton. In kina aiki da manhajar gyaran hoto ta Lightroom, ki zuba bayanin a gurbin Caption da ke ƙarƙashin Metadata tun ranar, ya zauna tare da hoton.

Kada ki taɓa yin hasashen dangantaka. Na taɓa rubuta "amarya da mahaifiyarta" a ƙarƙashin hoton wata mata da ta rungume amarya tana kuka a ranar kai ta. Abokiyar zaman mahaifiyar ce. Mahaifiyar tana cikin ɗaki, kamar yadda iyaye mata da yawa ke yi saboda kunya, musamman idan 'yar fari ce, ko hoto ɗaya ba ta fito ba. Da dare aka kira ni, muryar da na ji har yau tana raina. Na cire rubutun, na je har gida na ba da haƙuri. Tun daga ranar, wadda na gani a gaba-gaba a gidan biki nakan fi zaton gwaggo ce ko uwar riƙo, kuma sai na tambaya. Haka a ɗaurin aure: wanda ya ba da aure waliyyi ne, sau da yawa baffa ne ba uban ba, wanda ya karɓa kuma wakilin ango. Ki rubuta matsayinsu na ranar, ya wadatar.

Sai maganar suna. A hoton da za ki nuna wa baƙi, dangantaka ta fi suna amfani, kuma ta fi tsaro. Cikakken sunan jariri da na mahaifinsa da unguwarsu a wuri ɗaya bai kamata ya fita daga hannunki ba. In iyalin sun yarda a sa suna, ki tambaye su wanne. Yarinyar da aka sa wa sunan kakarta galibi ba a kiranta da shi a gidan, sai a ce Ummi ko Mama, yaron da ya ci sunan kakansa a ce Abba. Ki rubuta wanda suka zaɓa. Adadin sadaki da yawan akwatunan lefe kuwa ki bar su, ko da an sanar a bainar jama'a. Sanarwa a ƙofar gida ta wuce da ranar, rubutunki yana nan shekara da shekaru.

Izinin ɗaukar hoto ba shi ne izinin nuna shi ba. Ki tura wa amarya hoton tare da rubutun da za ki sa, ki jira amsarta a rubuce, ta kuma shawarci mijinta. Hotunan lalle da na cikin ɗaki, inda mata suka ajiye mayafi don sun san su kaɗai ne, ki fi taka-tsantsan da su. Hannuwa masu ƙunshi kaɗai sukan isa, da rubutu kamar "Sa lalle, kwana biyu kafin ɗaurin aure". Ki kuma gaya musu duk ranar da suka ce a cire, za ki cire. Aure yakan mutu, jariri yakan koma, kuma babu uwar da za ta so ta ci karo da wannan hoton a tallan wani.

Game da tsawo, jimla ɗaya ko biyu. Cikin 30 ɗin nan, biyar ko shida ne za su cancanci dogon bayani irin na kaka da takwararta, sauran mataki da gari da shekara sun ishe su. Ki jera su yadda bikin ke tafiya, daga lefe zuwa buɗar kai, sannan suna, don rubutun ya riƙa jan mai kallo daga wannan zuwa wancan. Ki sa haruffa masu ƙugiya a wayarki kafin ki fara, ki rubuta ɗaurin aure da ɗ, ƙunshi da ƙ. In kin gama, ki ba wata dattijuwa a gidanku ta saurari rubutun kina karantawa tana kallon hotunan. Duk inda ta ce "a'a, ba haka ake cewa ba", ki gyara kafin kowa ya gani.