Jirgi mara matuƙi ko hoton tauraron ɗan adam: da wanne manomi zai fara duba lafiyar shukarsa?

Tambaya: "Ina kula da gonar masara mai faɗin hekta 40. Wani dillali ya nuna mini taswirar gona mai launin kore da ja, ya ce sunanta NDVI, kuma ya ce idan na sayi jirgi mara matuƙi mai kyamara ta musamman zan riƙa gane inda shuka ke buƙatar taki tun kafin ido ya gani. Shin in saya, ko akwai hanya mafi sauƙi ga wanda bai taɓa amfani da irin wannan abu ba?"

Malam, shawarata ita ce ka dakata da sayen jirgin, ka yi daminar bana gaba ɗaya da hotunan tauraron ɗan adam da ake samu kyauta, domin gonarka tana da faɗin da waɗannan hotuna za su yi maka amfani sosai. Kafin in kawo dalili, ya kamata ka san abin da taswirar da aka nuna maka take aunawa, tun da daga nan ne za ka gane abin da za ta iya gaya maka da abin da ba za ta iya ba.

Ganye mai lafiya yana shanye yawancin jan hasken da ya sauka a kansa, saboda sinadarin kulorofil yana amfani da shi wajen haɗa abincin shuka. Amma akwai wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani, ana rubuta shi NIR a manhajoji, kuma wannan hasken tsarin cikin ganye yana mayar da kaso mai yawa daga cikinsa sama. Na'urar da ke jikin tauraro ko jirgi tana auna yawan hasken da ya dawo daga kowane ɗan yanki na ƙasa, ja daban, NIR daban, sannan a haɗa su da wannan lissafi:

```
NDVI = (NIR - Red) / (NIR + Red)
```

Sakamakon kullum yana faɗawa tsakanin -1 da +1. A ce wani yanki na gonarka ya mayar da 0.45 na hasken NIR da 0.05 na jan haske. Bambancinsu 0.40 ne, jimillarsu 0.50, saboda haka NDVI ɗinsa 0.8, wato shuka ta rufe ƙasa kuma ganyenta kore shar. Wani yanki kuma ya mayar da 0.30 da 0.10, sai lissafi ya ba da 0.5, alamar ganye bai yi yawa ba ko kuma korensa ya ragu. Ƙasa tsirara yawanci takan tsaya tsakanin 0.1 da 0.2, ruwa kuwa kan faɗa ƙasa da sifili. Ka lura cewa babu taki a cikin wannan lissafi, babu cuta, babu ƙishirwa. Abin da ke ciki shi ne yawan koren ganye. Masarar da ta rasa naitirojin, da wadda tsutsa ta cinye, da wadda ruwa ya kwanta mata, da layin da iri bai tsira ba, duk za su iya ba da 0.5 ɗaya. Mafi muni ma, ciyawa da ta cika wuri tana ɗaga lambar kamar yadda masara mai kyau take yi, har ka ga yankin da ya fi ko'ina lalacewa ya fito kore a taswira. Saboda haka maganar dillalin cewa taswira za ta nuna maka inda ake buƙatar taki rabin gaskiya ce: tana nuna wurin da ya bambanta da sauran gona, amma dalilin bambancin sai ka taka da ƙafarka ka gano.

Yanzu ga batun hotunan kyauta. Taurarin Sentinel-2 na shirin Copernicus na Tarayyar Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2015, suna ɗaukar hoton wuri ɗaya kusan duk kwana 5. Jan haske a cikin hotunansu shi ne B4, NIR kuma B8, kuma kowane ɗigo na hoton yana wakiltar murabba'in ƙasa mai mita 10 kowane gefe. Hekta ɗaya ke nan tana da ɗigo 100, gonarka kuma tana da 4,000. Wannan ya isa ya nuna maka kwarin da ruwa ke kwanciya, da tudun da ƙasarsa ta gaji, da tsirin da na'urar watsa taki ta tsallake idan yana da faɗi. Akwai kuma Landsat 8 da Landsat 9 na Amurka, su ma kyauta ne, sai dai ɗigonsu mita 30 ne, don haka sun fi dacewa da duba tarihin gona fiye da aikin mako-mako.

Ga yadda za ka yi aikin. Ka buɗe shafin intanet mai suna Copernicus Browser, ka zana iyakar gonarka, ka zaɓi hotunan matakin L2A, waɗanda aka riga aka gyara musu tasirin iskar sararin sama, sannan ka zaɓi NDVI. Idan kana zana iyaka ka ɗan shigo ciki da mita 10 zuwa 20, domin ɗigon da ke bakin gona yana haɗa masara da hanya ko bishiya, lambarsa ba ta wakiltar komai. Kafin ka yarda da kowace taswira ka fara duba hoton ainihin launi na ranar, domin gajimare, ko da siriri ne, yana saukar da lambar, inuwarsa kuma tana gurɓata ta. Idan ka ga duk gonar ta faɗi daga 0.7 zuwa 0.4 cikin kwana 5 sannan ta koma 0.7 a hoto na gaba, gajimare ne, domin shuka ba ta mutuwa ta farfaɗo haka.

A ce makonni 5 bayan shuka yawancin gonar tana kan 0.6, amma wani yanki mai kimanin hekta 3 a kusurwar gabas yana kan 0.4, kuma hoton da ya biyo baya ya sake nuna haka. Ka ɗauki wurare uku a cikin yankin, da uku a inda ya yi kyau, ka sa su a wayarka, ka je. A kowane wuri ka ƙirga tsirrai a layi mai tsawon mita 10, ka dubi ganye, ka tona ka dubi saiwa da laimar ƙasa. Idan adadin tsirrai ɗaya ne da na yankin mai kyau, amma tsofaffin ganyen ƙasa sun yi rawaya daga tsininsu, rawayar ta bi jijiyar tsakiya ta shiga ciki, wannan alamar ƙarancin naitirojin ce, kuma ƙarin taki zai iya taimakawa. Idan kuwa tsirrai 25 ka samu a inda yankin mai kyau yake da 40, matsalar tsirowa ce, taki ba zai dawo da abin da bai fito ba, kuɗin da za ka zuba a wurin asara ce. Idan ƙasar ta jiƙe jagab, saiwa ta yi duhu, to magudanar ruwa wurin yake nema. Taswira ɗaya ce, amma magani uku ne, kuma amfanin da ta yi maka shi ne ta rage maka yawon hekta 40 zuwa hekta 3.

Akwai tarkon da sabon shiga ya fi faɗawa, shi ne launi. Manhajoji da yawa suna raba launuka gwargwadon mafi ƙanƙanta da mafi girman lambar da ke cikin hoton, ta yadda gonar da take tsakanin 0.74 da 0.80 za ta fito da ja jawur a gefe guda kamar an yi gobara, alhali bambancin bai taka kara ya karya ba. Kullum ka karanta lambobin da ke gefen taswira, kuma idan za ka kwatanta ranaku biyu ka tsayar da ma'aunin launi ɗaya. Ina zargin taswirar da dillalin ya nuna maka ta irin wannan ce, don haka ka nemi ya nuna maka lambobinta.

NDVI kuma yana da lokacin da yake rauni. A farkon damina, lokacin da ƙasa ta fi ganye yawa a hoto, launin ƙasar da laimarta suna shiga lissafi, shi ya sa a 1988 Alfredo Huete ya fito da wani lissafi mai suna SAVI, wanda ke rage wannan tasiri. A ƙarshe kuma, idan masara ta rufe ƙasa ruf, jan hasken da ke dawowa ya riga ya yi ƙasa sosai, sai lambar ta kusa tsayawa: NIR zai iya tashi daga 0.45 zuwa 0.55, ja ya sauka zuwa 0.04, amma NDVI ya matsa daga 0.80 zuwa 0.86 kawai. A wannan mataki wani lissafi mai suna NDRE ya fi amfani, domin yana maye gurbin ja da hasken da ke iyakar ja da NIR, wanda ke shiga cikin ganye sosai. A Sentinel-2 wannan hasken shi ne B5, sai dai ɗigonsa mita 20 ne.

Jirgi yana da wurinsa. Yana tashi a ƙarƙashin gajimare a ranar da ka zaɓa, ɗigonsa kuma santimita kaɗan ne, har ana iya ƙirga tsirrai da raba layin masara da ciyawa. Idan a ƙarshen damina ka ga gajimare ya hana ka hoto mai kyau a makonnin da ake yanke shawarar taki, ko kuma matsalolinka ƙanana ne da ɗigon mita 10 ke haɗiye su, to ka fara da hayar mai jirgi sau ɗaya ko biyu. In har ka kai ga saye, ka tabbatar kyamarar tana ɗaukar NIR da gaske, domin kyamarar hoto ta yau da kullum ba za ta ba da NDVI na ainihi ba. Ka tambaya ko akwai allon daidaita haske ko na'urar auna hasken rana a tare da ita, don in babu su hoton yau da na mako mai zuwa ba za su kwatantu ba. Ka lissafa kuɗin manhajar haɗa hotuna da batura, ka kuma binciki dokar tashi da jirgi a ƙasarka.

Tambaya: "Gonata rabin hekta ce. Wannan abu zai yi mini amfani?"

Kaɗan ne ƙwarai. Rabin hekta kusan mita 70 ne kowane gefe, wato ɗigo 7 sau 7, kuma idan aka cire na baki saura 25. Za su iya nuna maka yadda gonar gaba ɗaya take tashi daga mako zuwa mako, ko yadda bana ta bambanta da bara, amma ba za su nuna maka wani abu a cikinta da ba za ka gani da idonka ba idan ka zagaya ta. Kada ka biya kuɗin rajistar kowace manhaja saboda ita. Gwajin ƙasa zai fi ba ka amsar tambayar taki.