Hoton da kika nuna wa kwastoma bashi ne a kanki

"Malam, barka da aiki. Shekara huɗu ke nan ina sana'ar kwalliyar zauren biki. Bara ƙanena ya fara haɗa mini hotuna da Midjourney, manhajar da ke zana hoto daga bayanin da aka rubuta mata, ina nuna wa kwastomomi, kuma gaskiya ciniki ya buɗe. Sai dai ayyuka uku na ƙarshe duk da rigima muka rabu, ɗaya ma ta riƙe mini cikon kuɗi, wai abin da ta gani a waya daban, abin da ta tarar daban. Don Allah a ba ni kalaman da zan riƙa rubuta wa manhajar ta fito da hotunan da suka fi na yanzu kyau, ina so in fara kama manyan bukukuwa."

Hajiya, waɗannan kalaman ba zan ba ki su ba. Hotunanki sun riga sun yi kyau har sun wuce gona da iri, kuma kyan nasu ne ya cinye miki cikon kuɗin. Ke kina ɗaukar hoton a matsayin talla. Uwar amarya kuwa, daga lokacin da ta kalle shi ta ce "wannan nake so" ta miƙa kafin alƙalami, a wurinta shi ne yarjejeniyar. Kuskurenki ɗaya ne: kin bar manhajar da ba ta taɓa shiga sitonki ba, ba ta taɓa auna zauren ba, tana ɗaukar alkawari da sunanki.

Manhajar nan ba ta san kuɗi ba, ba ta san nauyi ba. Idan aka rubuta mata "zauren biki na alfarma", za ta ɗaga silin ya yi sama kamar na fada, ta rataya manyan fitilu inda babu ko ƙugiya, ta share ginshiƙan tsakiya, ta zuba fure kamar kyauta ake rabawa. Ko ƙirga ba ta iya ba sosai; ki ce tebur ashirin, ta ba ki sha huɗu da fili fetal a tsakaninsu.

Akwai wani mai irin sana'arki da na taɓa duba wa littafin lissafi. Ya nuna hoton bangon fure a bayan kujerar ango da amarya, ya yanka farashi da ka, a tsaye, ko zama bai yi ba. Sai da aiki ya matso muka ɗauki biro. Bangon mita 6 ne a faɗi, mita 3 a tsayi, wato murabba'in mita 18. Furen da yake da shi kowane kai faɗinsa kamar santimita 8, ke nan ana buƙatar kusan 150 kafin a rufe murabba'in mita ɗaya ruf yadda hoton ya nuna. A lissafa: 2,700. A sitonsa 800 ne. Ya rarraba su tsilla-tsilla, katakon baya yana leƙowa, aka yi masa tatas a gaban jama'a. Da ya cike giɓin daga aljihunsa kuma, da ribar aikin gaba ɗaya ta tafi. Ƙirgar minti biyar ce bai yi ba.

Saboda haka ki juya tsarin. Awo ne farko, hoto ne ƙarshe. Ki je zauren da tef, ki rubuta tsawo, faɗi, da nisan silin daga ƙasa. Ki ɗauki hotonsa babu kowa a ciki, daga bakin ƙofa, daidai tsayin idon mutum, domin daga nan baƙo zai fara ganinsa. Ki tambayi mai kula da wurin ko an yarda a rataya wani abu a silin, don wurare da dama ba sa bari a buga ko ƙusa.

A ce zauren mita 20 ne da 15, murabba'in mita 300. Ki cire kamar 70 na dandamali, hanyar shigowa da filin tsakiya, saura 230. A zaman tebur mai zagaye kowane baƙo yana cin murabba'in mita ɗaya da ɗan ɗoriya, ke nan mutum 200 ne za su zauna a sake: tebur 20 masu faɗin mita 1.8, kowanne mutum goma. Sai yanzu ne za a buɗe manhaja, kuma abin da za a rubuta mata daga jerin kayanki zai fito, wanda kike da shi da wanda kin san inda za ki yi hayarsa da nawa:

```
wedding hall 20m x 15m, low flat ceiling 3.5m, two pillars,
round tables of ten, ivory cloths, gold chairs, small
centerpieces, fabric backdrop, warm light, eye level from
entrance --ar 16:9 --no chandelier, hanging flowers
```

Kin ga babu kalmar alfarma ko ta ƙasaita a ciki, da gangan ne. Abin da ba ki so kuma a bayan `--no` ake sa shi. Idan aka rubuta "babu fitilar rataye" a tsakiyar bayani, sau da yawa manhajar sunan kayan kawai take kamawa, ta zana miki shi. Ki sani kuma lambobin nan jan hankalinta kawai suke yi, ba ta binsu sau da ƙafa. Shi ya sa ya fi a ɗora mata ainihin hoton zauren, a yi amfani da sashen gyara inda ake shata wurin da za a sauya, bango da silin su tsaya yadda suke.

In hoto ya fito, kada ya tafi wayar kowa sai kin zauna kin ƙirga shi kamar mai karɓar kaya. Tebur nawa? Ginshiƙan suna nan? Hasken nan daga wace fitila yake fitowa, kina da ita? Duk abin da idonki ya sauka a kai wanda ba ki iya faɗin adadinsa da kuɗinsa ba, a goge shi. Launi kuma kada ki yarda a zaɓe shi a fuskar waya. Yadin da ya fito fari tas a allo yakan koma ruwan madara a ƙarƙashin fitila mai ɗumin haske. Ki yanko ƙyalle ki ba kwastoma a hannu.

Daga nan ki buga hoton a takarda, ki rubuta a ƙasansa cewa misali ne da na'ura ta zana, ki jera adadi: tebur 20, kujera 200, labulen baya mita kaza, fure kaza, na roba ne ko ɗanye. Ta sa hannu, ki sa hannu. Ki haɗa da hotuna biyu na aikin da hannunki ya taɓa yi, ko da ba su kai wancan sheƙi ba. Wasu za su ga haka su tafi wurin mai hoton aljanna. Su tafi, Allah raka taki gona. Su ne dama masu riƙe ciko.

Maganar manyan bukukuwa ki ajiye ta tukuna. Wadda ta yi rigima uku a jere a ƙananan zaure, in ta shiga na mutum dubu ba ciko kaɗai za a riƙe mata ba.

Ita kuma wadda ta riƙe kuɗin, ki ajiye hoton da kika tura mata kusa da wanda aka ɗauka ranar bikin, ki duba tsakaninki da Allah. In akwai abin da ke cikin na farko babu shi a na biyu, ki cire kuɗinsa da kanki, ki kira ta ki nemi ragowar. Ƙanenki ya ci gaba da taɓa na'urar, ba laifinsa ba ne, amma aiki na gaba ki tafi da shi zauren, ki ba shi bakin tef ɗin ya riƙe.